Sabon Asusun Surukin Yayana

Yayana ne ya karya mini yatsu, da ƙyauren mangazar ƙungiyarmu, wato ɗakin ajiyar kayanmu, da rana tsaka, mutane suna kallo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Idan yara suka tambaye ni abin da ya sami hannuna nakan ce ƙofa ce, kuma ban yi ƙarya ba, amma ƙofa ba ta rufe kanta.

A wancan lokacin ƙungiyar manoma gare mu a Matameye, da mutanenmu na cikin gari da na ƙauyukan wajen Kurni da Dungu. Yawancinmu 'yan ci rani ne. Da an gama kaka sai gari ya watse, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu har Legas, su yi dako, su yi ga-ruwa, su yi gadi. Gab da damina su dawo da 'yan nairorinsu, su canza su zuwa sefa, su kawo mangaza a haɗa. Da kuɗin muke sayen takin zamani a dunƙule don ya zo mana da sauƙi. Yayana shi ne shugaba, mutane suna ce masa Farazida. Ni ne ma'aji, don ni na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya Faransanci. Kuɗin suna banki a Damagaram, kuma ba sa fita sai takardar biya ta ɗauki sa hannu biyu, nasa da nawa.

Wanda muke sayen taki a wurinsa wani Alhaji ne a Damagaram, babban ɗan kasuwa. 'Yarsa yayana yake aure. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Yayana ƙato ne, tsohon ɗan kokawa, idan ya yi tsawa a bakin mangaza har tasha ana ji. Amma da ya hango motar Alhaji sai ya cire takalmi ya nemi lungu. Ba ya ambaton sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiransa a waya. Zancen kuɗi kuwa, ya gwammace a yanka shi da ya yi shi da surukinsa. Shi ya sa duk cinikin ya bi ta hannuna, ni kuma ta hannun akawun Alhaji, wani ɗan ƙanwarsa magidanci mai sanyin magana. Shi yake aiko mini da faktir, takardar lissafin kuɗin kaya, ta imel, ni in rubuta takardar biya, mu sa hannu, in kai banki, motar taki ta zo.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya sauka da wuri. An yi shuka, gero ya fito, kowa idonsa yana kan hanyar Damagaram. Akawun ya riga ya aiko da faktir, muna jiran ragowar mutanen Dungu su kawo nasu kason. Suna kawowa, washegari da hantsi sai ga wani saƙo a wayata. Daga adireshin akawun ya fito, wanda na sani, kuma a ƙarƙashin tsofaffin saƙonninmu ya zo, har da gaisuwar da ya saba yi. Ya ce asusun da muka saba zuba kuɗi a ciki ana bincikensa saboda haraji, kada mu taɓa shi. Ga sabon asusu, ga takardar banki mai lambobinsa, ga faktir ɗinmu an sake shi da hatimin shagon. Ya ce a biya kafin ƙarshen mako, don buhunan sun yi ƙaranci. A ƙasa ya ƙara da cewa Alhaji yana kan hanya, kada a dame shi, idan da tambaya ga lambar sabon mai kula da kuɗi.

Na karanta, na sake karantawa. Sabon asusun ba sunan shagon ke kansa ba, sunan wani mutum ne, kuma bankin ma a wata ƙasa yake. Na taɓa yin ci rani a wani shagon kayan gini a Kano, na ga ranar da maigidanmu ya zauna a ƙasa yana kuka kamar mace mai takaba, don ya biya kuɗin tirela guda a asusun da aka aiko masa ta irin wannan hanya. Daga nan na riƙe abu ɗaya. Idan mai kaya ya ce ya canza asusu, ba saƙon ake tambaya ba, mutumin ake nema, da lambar da ka sani tun da, ko ka je ka gan shi ido da ido.

Na kira Alhaji a lambarsa ta kullum, a kashe. Na kira akawun a lambar da nake da ita, ita ma a kashe. Lambar da ke cikin saƙon ban ko kalle ta ba. Sai na zauna a kan buhu na rubuta amsa, gajera, da ladabi. Na ce mun ga saƙo. Na ce ƙa'idar ƙungiya ita ce ba ma biya a sabon asusu sai mun ji daga bakin Alhaji da kansa, don haka za mu dakata. Ban aika musu da wata takarda ba, ban faɗi ranar da za mu biya ba, ban ce ina zargin kowa ba.

Ban tashi daga kan buhun ba amsa ta dawo. Akawun da na sani sai ya kwana biyu bai buɗe saƙo ba, yau ga shi kamar yana zaune a aljihuna. Ya ce abin mamaki ne bayan shekarun da muka yi tare. Ya ce akwai wasu ƙungiyoyi da kuɗi a hannu, idan ba mu biya ba buhunanmu nasu ne. Ban sake amsawa ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne lambar yayana tana kan takardar odarmu. Masu saƙon suka kira shi. Wanda ya kira ɗin da Hausa ya yi magana, mai daɗi, ya ce shi ne sabon mai kula da kuɗin Alhaji. Ya ce Alhaji ya ji an ce ƙungiyar Matameye ba ta yarda da maganarsa ba, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ko da ya shekara yana nazarin yayana ba zai sami inda ya fi nan ciwo ba.

Bayan la'asar yayana ya same ni a mangaza. Mutane sun fi ashirin a rumfar ƙofa, suna jiran labarin taki. Ya sa wani malamin lakwal ya cika masa takardar biya da sababbin lambobin, ya riga ya sa hannunsa. Ya ajiye ta a kan sikeli.

"Sa hannu," ya ce.

"Yaya, bari mu ji daga bakin Alhaji."

"An ji. Da kunnena na ji."

"Muryarsa ka ji?"

"Yaronsa na ji."

"Wane yaron? Ka taɓa ganinsa? Kira Alhaji da kanka, idan ya ce haka ne in sa hannu a tsaye."

Na san abin da na faɗa. Na san ba zai iya ba, kuma na faɗa a gaban jama'a. Ina da baki, tun muna yara haka nake, shi yana da ƙarfi ni ina da baki. Ya ce, "Ni zan kira surukina in ce masa ya rantse mini shi ba ɓarawo ba ne?" Na ce, "To kunyarka ce za ta ciyar da mutanen nan idan kuɗinsu suka tafi?"

Marin da ya yi mini ban ga tahowarsa ba. Na ji kaina ya bugi bangon, kunnena na hagu ya ɗauki ƙara, bakina ya cika da jini. Na tashi na tofar a gabansa. Mutanen rumfa suka shigo, ni a zatona raba mu za su yi. Wani mutumin Dungu, wanda ya yi wata biyar yana tura kurar ruwa a Kano, ya cakumi wuyan rigata ya ɗaga ni har ƙafata ta bar ƙasa. Ya ce, "Ma'aji, faɗa mana gaskiya, kuɗin suna nan ko ka juya su?" Wani ya ce ai an gan ni da sabuwar waya. Wani ya ce dama 'yan lakwal haka suke, sai su ci ka da biro. Aka tunkuɗa ni nan, aka tunkuɗa ni can, wani ya zabga mini takalmi a ƙeya. Rigata ta yage har cibiya. Wani dattijo mai gyara mana sikeli ne ya shiga tsakani da sandarsa, ya ce duk wanda ya ƙara taɓa ni shi ya taɓa.

Ban ga laifinsu sosai ba, ko a lokacin. Geronsu yana rawaya a gona, kuɗinsu suna hannun mutumin da ya ƙi sakinsu, kuma dalilinsa wani saƙo ne a waya da ba su iya karantawa. Amma haushi ya cika ni har wuya. Na ce musu takardar banki tana nan, duk mai so ya zo a karanta masa abin da ke cikin asusu. Na ce su cire ni idan sun ga dama, amma sai sun yi taro, sun rubuta, sun kai banki an karɓi sabon sa hannu, kuma kafin nan Alhaji ya dawo. Muddin hannuna ne, ba zai hau wannan takarda ba.

Gida ɗaya muke da yayana, sashensa daban nawa daban, tsohuwarmu a tsakiya. Washegari da safe, bayan ya fita, na shiga sashensa. Matarsa abokiyar wasata ce, tun da aka kawo ta muke tsokanar juna, ta ce mini malalacin miji, in ce mata 'yar birni mai tsoron jaki. Ranar ba ta yi wasa ba, ta ga fuskata. Na ce, "Ko kina da wata lambar Alhaji ban da wadda na sani?" Ta ce babu, ya tafi bakin teku ne ya taho da motocinsa, idan ya ƙetare iyaka wani layi yake sawa, ita ma ba ta da shi. Ta kira mahaifiyarta a gabana. Hajiya ta ce ana sa ransa ranar Juma'a. Na tambaya ko ta ji zancen canza banki, ta ce ita ina ruwanta da banki. Na gode na fita. Ban san Hajiya za ta sake kiran 'yarta ta tambayi ko lafiya ake bincikar asusun Alhaji ba, ban kuma san yayana zai dawo ɗaukar hularsa ya tarar da wannan kiran ba.

Ina mangaza da azahar ina share ƙasa don motar da ban san ranar zuwanta ba. Ƙyauren mangazar na ƙarfe ne, mai nauyi, irin wanda ake turawa da kafaɗa. Na ji takunsa kafin in gan shi. Ya shigo da takardar a hannu, idonsa ja.

"Ka shiga ɗakina," ya ce a hankali. "Ka sa matata ta kai ni gidan ubanta. Yanzu a Damagaram ana cewa mijin 'yarsu yana bin diddigin kuɗin Alhaji."

"Kuɗin mutane nake bin diddigi."

"Sa hannu, in kai banki yau, in wanke fuskata."

"Juma'a jibi ce, Yaya. Ka ba ni jibi."

Ya kama wuyan hannuna ya cusa mini biro a tafi, ya danna ni kan sikeli. Na yar da biron. Ya ɗauko ya sake cusawa. Na sake yarwa, wannan karon waje na jefa shi. Sai na fizge na nufi ƙofa. Na riƙe bakin ƙofar da hannun dama ina ƙoƙarin fita, shi kuma ya riƙe rigata ta baya da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙyauren. Ya ce, "Hannun nan kake taƙama da shi?" Ya turo ƙyauren da dukan ƙarfinsa.

Ƙarar na fara ji, kamar an taka busasshen kara. Zafin sai daga baya ya zo. Da ya ja ƙyauren baya na ga yatsuna uku sun kwanta inda yatsu ba sa kwanciya, farcen ɗaya ya fita yana lilo, jini yana bin ƙarfen. Na durƙusa na yi amai. Mutanen rumfa suna tsaye, babu wanda ya yi motsi. Yayana ya dubi hannun, ya dubi takardar da ke ƙasa. Ina jin a nan ya gane cewa ya fasa abin da yake nema, don banki ba zai karɓi sa hannun da ba irin nawa ba. Ya taka takardar ya wuce.

Dattijon sikeli ne ya ɗora ni a moto, wato babur, ya kai ni likita. Aka ɗinke, aka ɗaure, aka sa filasta. Majo, babban ma'aikacin likitar, ya tambaye ni ko zan kai ƙara wurin jandarma, na ce a'a. Ba don na yafe ba. Idan aka kama shi, tsohuwarmu ce za ta kwanta, kuma ba ta da ƙarfin tashi. Da na koma gida ta zo ta zauna a bakin tabarmata tana kallon filastar. Sannan ta ce, "Da ka yi masa abin da ya ce." Wannan ta fi ƙyauren ciwo.

Ranar Juma'a da sassafe na shiga motar Damagaram, hannuna a rataye a wuya. Kowane rami sai na ji shi har cikin haƙora. Na tarar da motocin Alhaji a ƙofar babbar mangazarsa ana sauke buhuna, shi yana zaune a kan kujera da butar shayi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ina kuɗina? Tun a hanya nake cewa mutanen Matameye ba sa makara."

Na ce, "Alhaji, wane asusu za mu zuba a ciki, tsoho ko sabo?"

"Wane sabo?"

Na miƙa masa wayar da hagu. Ba ya karanta Faransanci, sai na fassara masa layi layi. Na karanta masa sunan da ke kan asusun. Ya ce bai taɓa jin sa ba. Ya ce asusunsa tun da ya buɗe shi bai canza ba, babu wani binciken haraji, kuma bai ɗauki wani sabon mai kula da kuɗi ba. Ya aika a kira akawun.

Akawun ya zo yana goge hannu. Da ya ga saƙon a ƙarƙashin adireshinsa sai ya faɗi gaskiya. Ashe an zare masa waya a kasuwa tun kafin Alhaji ya yi tafiya. Wayar shago ce, imel ɗin a buɗe yake a cikinta, ba ta da ko makulli. Tsoron Alhaji ya sa ya yi shiru, ya sayi wata da kuɗinsa, ya sa sabon layi, bai rufe tsohon ba, bai canza kalmar sirri ba. Ya ce yana duba saƙonni a kwamfutar shago bai ga komai ba. Aka duba, sai ga shi ɓarayin sun shirya akwatin imel ɗin yadda duk amsar da ta zo daga masu saye take wucewa wani lungu da ba ya buɗewa.

Alhaji ya ajiye kofin shayi. Dattijo ne mai furfura, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya miƙa hannu ya zaro igiyar ɗaurin tanti daga jikin mota, mai ƙugiyar ƙarfe a baki, ya ninka ta. Bugun farko a kafaɗa ya sauka, na biyu ya fasa masa gira. Akawun bai gudu ba, ya dunƙule a ƙasa ya rufe kai yana cewa, "Kawu, ka yi haƙuri." Jininsa ya ɗiga a kan farin buhu. 'Yan dako suka tsaya da kaya a ka. Ni da na zo neman a wanke ni, sai ga ni ina shiga tsakani da karyayyen hannu, ƙugiyar ta sami filastata, na ga wuta a idona. Na ce, "Alhaji, duka ba zai tsayar da su ba. Yanzu haka suna rubuta wa wasu."

Wannan ce ta tsayar da shi. Aka zaunar da akawun, jini yana zuba a ido, ya canza kalmar sirri, ya fitar da wayar da aka sace daga akwatin, ya je aka rufe tsohon layin. Alhaji da kansa ya bi masu sayen kayansa ɗaya bayan ɗaya a waya yana cewa kada kowa ya biya a wani sabon asusu. Wani mai shago daga wajen Ɗan Barto ya riga ya biya tun farkon mako. Ina jin kukansa daga inda nake zaune. Aka ce ya ruga bankinsa a gwada tsayar da kuɗin, aka kai ƙara wurin 'yan sanda, amma har yau ban ji an ce ya ga ko dala ba. Ni kuma na roƙi Alhaji ya sa a rubuta mini takarda da sa hannunsa da hatiminsa cewa asusunsa na da shi ne asusunsa, in nuna wa mutanena.

Da zan tafi ya dubi hannuna. "Me ya same ka?"

"Ƙofar mangaza ce, Alhaji."

"Wa ke riƙe da ƙofar?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta riga ta ba shi rabin labarin, shirun da na yi ya ba shi sauran. Na roƙe shi ya bar maganar. Ya ce in ba shi lambar yayana. Shekara goma sha wani abu da auren 'yarsa, ba shi da lambar mijinta, don bai taɓa buƙatarta ba. Na ce ba na tuna ta. Ya karɓi wayata ya sa akawun ya nemo.

A gabana ya kira. Na ji sallamar yayana. Alhaji ya kira shi da sunansa na yanka, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ka ji kunyar tambayata, amma ba ka ji kunyar karya ɗan'uwanka da sunana ba. Da ka tambaye ni da na ga hankalinka. Yanzu na ga abin da 'yata take zaune da shi." Ya kashe wayar. Daga baya aka faɗa mini yayana yana rumfar mangaza a lokacin, ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa yana riƙe da wayar da hannu biyu, mutane suna kallo.

Biyan ma bai zo da sauƙi ba. Banki ya ce sai an kawo takardar likita da ta taron ƙungiya kafin su karɓi dangwalen babban yatsana na hagu a madadin sa hannu. Aka yi taro. Na karanta musu takardar Alhaji, na ba su labarin mutumin Ɗan Barto. Aka yarda, aka rubuta takardar taron. Mutumin Dungu da ya shaƙe ni ya zo daga baya ya ajiye mini zabi biyu a ƙofar gida, bai shigo ba. Yayana ya sa hannu a sabuwar takardar biya, mai tsohon asusu, bai dube ni ba. Alhaji bai jira kuɗin sun shiga ba ya turo mota. Duk da haka takin ya makara, geron wasu ya riga ya sha wuya, amma kowa ya ɗauki buhunsa, babu wanda guminsa na rani ya tafi a banza.

Ranar rabo yayana bai zo ba. Da asuba ya ɗauki jakarsa ta ci rani ya shiga motar Kano, a tsakiyar damina, lokacin da ko mahaukaci ba ya barin gona. Bai yi wa tsohuwa sallama ba. Ya bar wa dattijon sikeli makullin mangaza, ya ce a nemi wani Farazida. Na yi zaton zan ji daɗi. Na nemi daɗin a cikina ban same shi ba, haushi kawai na tarar, da wani abu mai kama da maraici.

Buhunansa suka kwana a mangaza har aka fara maganar sayar da su. Gonarsa tana jikin tawa. Wata safiya bayan an yi ruwa na sa aka ɗora su a amalanke, na tafi. Zuba taki a gindin gero da hannu ɗaya aikin wahala ne. Na rataya ƙwarya a wuya, ina ɗiba da hagu, rabi yana zuwa gindi rabi yana zubewa a banza. Hantsi ya yi sai ga matarsa da tulun ruwa da fura. Tun ranar da na shiga sashenta ba mu haɗa ido ba. Mahaifinta ya aiko a ɗauke ta, ta ƙi tafiya. Ta rame.

Ta ajiye furar a inuwar gawo, ta tsaya tana kallon yadda nake ɓarnar taki. Na so in tsokane ta kamar da, na ce 'yar birni ta zo gona. Ba ta yi dariya ba.

"Ya kira?" na tambaya.

"Ya kira. Yana Legas. Ya ce ba zai iya shiga garin nan ba, ba zai iya shiga Damagaram ba." Ta gyara mayafinta. "Kai ne da gaskiya, kowa ya sani. Amma da ka bar kuɗin sun tafi. Kuɗi da an sake tarawa."

Na buɗe baki in ce mata ba kuɗina ba ne balle in bar su, na mutum sama da ɗari ne. Maganar tana nan a bakina, kuma har gobe ita ce gaskiya. Sai na ga yadda take kallon kunyoyin mijinta, na haɗiye. Ta karɓi ƙwaryar daga wuyana, ta ce in nuna mata yawan da ake zubawa a kowane gindi. Na nuna mata. Ta kama wancan layi, na kama wannan, muka yi ta zubawa har rana ta take.